Ejan, Sufabaiza da Babban Ejan: Wa Ke da Ikon Me a Bayan Na'urar POS?

Ranar Alhamis ce kasuwar Maigatari ke ci, kuma duk wanda ya taɓa zuwa ya san yadda layin masu POS ke cika tun da hantsi. Ga masu sayen dabbobi daga Kano da Kudu, ga makiyaya da suka ƙetaro daga Nijar, kowa kuɗi yake nema a hannu. A irin wannan rana ne ake yawan jin musu iri ɗaya. Mai saye ya miƙa kati yana son naira 350,000 don ya biya kuɗin raguna, mai POS ya ce masa ba za ta fita ba. Mai saye ya ce, "Haba Malam, kuɗina ne fa, suna ciki." Mai POS ya ce ya sani, amma na'ura ta ƙi. Nan take sai zargi ya shigo: ko dai yana ɓoye tsabar ne don ya sayar da tsada, ko kuwa rowa ce kawai.

Wani lokaci zargin gaskiya ne, domin ba a manta da abin da ya faru a farkon 2023 ba, lokacin sauyin kuɗi, da wasu suka mayar da tsabar naira hajar sayarwa. Amma sau da yawa mai POS ɗin gaskiya yake faɗa. Shi ne na ƙasa a wani tsani mai hawa uku, kuma kowane hawa an yanka masa iyakar abin da zai iya taɓawa da abin da zai iya amincewa da shi. A manhajojin kamfanoni ana yawan ganin sunayen hawan a rubuce: Agent, Supervisor, Super-Agent. A bakin mutane kuwa ejan ne, da sufabaiza, da babban ejan. Wasu kamfanonin suna kiran na tsakiyar manaja, wasu agirigeta, amma aikin kusan ɗaya ne.

Kuɗin wa ke yawo a na'urar?

Kafin a gane dalilin iyaka, sai an gane abin da 'yan harkar ke kira fulot. Mutane da dama suna zaton kamfani ne ke zuba wa ejan kuɗin da yake bayarwa. Ba haka ba ne. Jarin ejan ne, nasa na kansa ko wanda ya ranto, kuma ya kasu gida biyu: tsabar da ke cikin jakarsa, da kuɗin da ke cikin asusunsa na aiki a manhaja, wato fulot.

Mu ɗauki misalin wani ejan da ya buɗe rumfarsa da safe da tsabar naira 500,000 da fulot na naira 150,000. Jarinsa ke nan naira 650,000. Idan mutum ya zo ya cire naira 20,000, tsabar ejan ta ragu da 20,000, fulot ɗinsa ya ƙaru da 20,000. Idan wata ta kawo naira 10,000 a tura wa 'yarta, tsaba ta ƙaru, fulot ya ragu. Jimillar ba ta motsawa, in ban da ɗan ladan aiki da yake karɓa da kuma abin da kamfani ke yanka. Kamar ruwa ne a tulu biyu, ana juye na wannan a wancan.

Matsalar ranar kasuwa ita ce juyen ba ya daidaita. Kafin azahar ejan ɗinmu ya bayar da tsabar naira 460,000 ga masu cirewa, ya karɓi 60,000 kacal daga masu turawa. Yanzu tsabarsa naira 100,000, fulot ɗinsa 550,000. Bai yi asarar ko kwabo ba, amma aikinsa ya kusa tsayawa, domin abin da masu layi ke so shi ne ya ƙare. Dole ya sami wanda zai tura wa fulot na naira 400,000 ya karɓi tsabar naira 400,000. A ƙauyuka, yawanci mai gidan mai ne ko babban mai sayar da hatsi ke wannan musaya. A Kenya, inda M-Pesa ta fara a 2007, wannan aiki na musayar tsaba da fulot shi ne ainihin abin da ake nufi da babban ejan, kuma sau da yawa reshen banki ne ke yinsa. A Nijeriya sunan ya ɗauki ma'ana mai faɗi, za mu zo kanta.

Abin lura shi ne duk kuskuren da ejan ya yi, da farko daga jarinsa yake fita. Duk zambar da ya yi kuwa, kan abokin ciniki da kamfani take sauka. Iyakokin da aka sa masa suna tsare ɓangarorin biyu ne.

Katanga uku

Idan na'ura ta ƙi bayar da kuɗi saboda iyaka, ɗaya daga cikin katanga uku aka ci karo da ita, kuma sanin wacce ce shi ke nuna ko akwai wanda za a kira ko babu.

Ta farko tana jikin asusun abokin cinikin kansa. Tun 2013 Babban Bankin Nijeriya ya raba asusu matakai uku gwargwadon yadda aka tantance mai shi. A asusun waya, mataki na ɗaya yana tsayawa a naira 50,000 a rana, kuma ba ya riƙe fiye da 300,000. Mataki na biyu naira 200,000 a rana, da ajiyar da ba ta wuce 500,000 ba. Mataki na uku yana kai wa naira miliyan 5 a rana, ba tare da iyakar ajiya ba. A Disamba 2023 aka ƙara da cewa ko mataki na ɗaya sai da BVN ko NIN, na biyu da na uku kuma sai da duka biyun. Wannan katanga ba ta shafi ejan ba ko kaɗan. Wanda ya ci karo da ita, bankinsa ko kamfanin asusunsa zai nufa da takardunsa a ɗaga masa mataki.

Ta biyu ta hukuma ce, kuma a kan harkar ejan aka gina ta. A Disamba 2024 Babban Banki ya umarci cewa abokin ciniki ɗaya kada ya ciri fiye da naira 100,000 a rana a wurin ejan, kada kuma ya wuce 500,000 a mako. Ejan ɗin kansa, duk tsabar da zai fitar a yini kada ta haura naira miliyan 1.2. Mai sayen ragunan da muka fara da shi a nan ya tsaya. Ko ejan ya kira sufabaiza, ko sufabaiza ya kira shugaban kamfani, babu mai ikon buɗe masa 350,000 a tsaba. Mafitarsa ita ce ya tura kuɗin kai tsaye zuwa asusun mai dabbar ko na dillalin da suka amince da shi, ya ciri abin da doka ta yarda a hannu. Idan ka ga rubutun Exceeds withdrawal limit a kan rasit, ɗaya daga cikin waɗannan katangu biyu ce mafi yawanci, ba ƙarancin kuɗi ba, wanda shi rubutunsa Insufficient funds ne.

Ta uku ita ce ta kamfani, kuma ita kaɗai ce ke da ƙofa. Kowane kamfani yana yanka wa ejan ɗinsa iyaka ƙasa da ta hukuma, gwargwadon daɗewarsa, da takardunsa, da tarihin aikinsa. Sabon shiga ba ya samun abin da wanda ya shekara biyu ba ƙorafi yake samu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Babu ɗan kasuwar Kwari da zai ɗauki yaro yau, gobe ya damƙa masa makullin sito. Sai ya fara da aike, sannan tsaron shago, sannan a yarda ya bayar da bashi na wani adadi ba tare da ya tambaya ba.

Abin da sufabaiza ke iya yi, da wanda ba ya iyawa

Mu koma wurin ejan ɗinmu. A ce kamfaninsa ya sa masa iyakar fitar da tsabar naira 600,000 a rana. Wannan adadi da na gaba misali ne kawai, kowane kamfani da nasa. Ya riga ya fitar da 460,000, ya samo sabuwar tsaba daga mai gidan mai, layi kuma bai ragu ba. Bayan naira 140,000 na'urarsa za ta tsaya, ga kuɗi a jaka, ga mutane a gaba.

A nan sufabaiza ke shigowa. Ejan zai aika buƙatar ƙarin iyaka ta cikin manhaja, ya rubuta dalili: ranar kasuwa. Buƙatar ta faɗo a wayar sufabaizan da ke kula da ejan-ejan na wannan yanki. Sufabaizan kirki ba ya danna amincewa da ka. Yana duba yadda ejan ya yi aiki a Alhamis ɗin da suka wuce, ya ga ko ya saba kusantar iyakarsa a irin wannan rana. Yana duba ko na'urar tana inda aka yi mata rajista. Yana duba ko akwai ƙorafin da ba a rufe ba a kansa, da kuma ko cirewar da aka yi tun safe daga katuna daban-daban take, ko kuwa kati biyu ne ake ta maimaitawa. Idan ya gamsu, ya ɗaga masa zuwa naira 900,000, na wannan yinin kaɗai. Da tsakar dare iyakar ta koma inda take.

Idan ejan ya nemi miliyan ɗaya, abin ya wuce hurumin sufabaiza. Iyakarsa ya rubuta ra'ayinsa ya tura sama, ofishin babban ejan ya yanke hukunci. Idan ya nemi miliyan ɗaya da rabi, babu wanda zai amsa, domin an isa katangar hukuma.

Sauran ayyukan sufabaiza ba su wuce irin wannan ba. Shi ke zuwa ya ga rumfar sabon ejan da idonsa, ya karɓi takardunsa, ya tura a buɗe masa asusu. Shi ke tabbatar da cewa ejan ne da kansa ke neman a sauya masa lambar sirri ko a mayar da asusunsa kan sabuwar waya. Yana iya dakatar da na'ura nan take idan aka sace ta ko aka ga abin zargi. A tsari mai kyau, dakatarwa tana hannunsa shi kaɗai, amma sake buɗewa sai da sa hannun na sama, saboda rufewa bisa kuskure asarar yini ɗaya ce, buɗewa bisa kuskure kuwa tana iya cinye jari.

Abubuwan da aka hana shi su ne suka fi muhimmanci a ganina. Sufabaiza ba ya ganin lambar sirrin ejan. Ba ya iya tura kuɗi daga fulot ɗin ejan zuwa ko'ina. Ba ya iya ɗaga iyakar kansa. Ba ya kuma iya aika buƙata sannan ya amince da ita. A manhajojin banki ana rubuta wannan ƙa'ida da kalmomi biyu, Maker da Checker, wato mai ƙaddamarwa daban, mai dubawa daban. Mutane suna ɗaukar matsayi uku kamar girma ne ke ƙaruwa, cewa na sama yana iya duk abin da na ƙasa ke yi har da ƙari. Tsarin da aka gina haka tsari ne mai rami. Daidai shi ne ejan yana taɓa kuɗi amma ba ya amincewa da komai, sufabaiza yana amincewa amma ba ya taɓa kuɗi.

Sifili ɗaya

Inda wannan rabon iko ke nuna amfaninsa ƙarara shi ne wajen dawo da kuɗi, kuma nan ne mutane suka fi jin haushinsa.

Da la'asar wata dattijuwa ta kawo wa ejan ɗinmu naira 18,000 ya tura wa ɗanta da ke karatu a Dutse. Ga gajiya, ga hayaniya, yatsansa ya ƙara sifili ɗaya, naira 180,000 ta tafi. Ita Inna ba ta yi asara ba, ɗanta ya sami fiye da abin da aka aika. Ejan ne naira 162,000 ta fita daga fulot ɗinsa, kusan kwatan jarinsa.

Babu maɓallin da zai danna ya janyo kuɗin. Wannan da gangan ne. A ce akwai shi: sai ejan maras tsoron Allah ya karɓi tsabar mutum, ya tura, ya ba shi rasit, mutum ya juya baya ya janye kuɗin. Babu rasit ɗin da zai sake zama hujja a ƙasar nan. Don haka abin da ejan ke iya yi shi ne ya shigar da ƙorafi, ya sa lambar cinikin da ke kan rasit, da adadin da aka yi niyya, da wanda ya tafi. Idan mai hankali ne, kafin Inna ta tashi zai roƙe ta ta kira ɗanta a gabansa, domin amincewar wanda kuɗi ya shiga asusunsa ita ce hanya mafi gajarta. Idan yaron ya mayar da rarar da kansa, magana ta ƙare a minti biyar.

Idan ba a same shi ba, ƙorafin ya hau tsani. Sufabaiza ya duba, ya kira ejan, ya tabbatar da labarin. A ce hurumin da aka ba shi na irin wannan gyara naira 50,000 ne. Tun da 162,000 ta wuce haka, sai ya tura wa babban ejan. Shi ma babban ejan ba zai sa hannu a asusun yaron ba, saboda asusun ba a wurinsa yake ba. Zai miƙa maganar ga banki ko kamfanin da ke riƙe da kuɗin mutane. Idan asusun yaron a wannan kamfani yake, ana iya riƙe adadin da ake gardama a kai har a ji ta bakinsa. Idan a wani banki yake, sai banki ya rubuta wa banki, kuma idan mai asusun ya ƙi ko ya riga ya kwashe, maganar tana iya kai wa ga kotu. Kowace awa da ta wuce kafin a shigar da ƙorafi tana rage damar samun kuɗin.

A lura da yadda katangu biyu za su iya tare wannan kuskure tun farko. Da kamfani ya sa wa ejan iyakar turawa sau ɗaya, a ce naira 100,000 sai an sake tabbatarwa, da na'ura ta tsayar da shi. Da kuma asusun yaron na mataki na ɗaya ne, da kuɗin sun dawo ko an riƙe su. Iyakar da ejan ya yini yana tsaki a kanta ita ce wadda za ta ceci jarinsa.

Akwai wani lamari mai kama da wannan da ake yawan haɗa su, alhali daban suke. Mutum ya sa kati, na'ura ta rubuta Declined, amma saƙo ya shigo wayarsa an cire kuɗi. A nan kuɗin ba su isa ga ejan ba, suna maƙale tsakanin bankin mai kati da hanyar sadarwa. Sufabaiza ba shi da abin amincewa a ciki, sai dai ya tabbatar daga tarihin ciniki cewa fulot ɗin ejan bai ƙaru ba. Mai kati zai riƙe rasit ɗin ya kai ƙorafi bankinsa. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2020 ta ba bankuna awa 72 su warware irin wannan na POS. Rigimar da ake yi a bakin rumfa, har a kama wuyan riga, yawanci da wanda ba shi da laifi ake yin ta.

Babban ejan: uban gida mai lasisi

A dokar Nijeriya babban ejan kamfani ne, ba mutum mai manyan na'urori ba. Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin harkar ejan a 2013, sannan a 2015 ya fitar da na lasisin manyan ejan, inda ya shar'anta jarin da bai gaza naira miliyan 50 ba da ejan aƙalla 50. A 2019, alal misali, wani reshen kamfanin MTN mai suna Y'ello Digital Financial Services ya karɓi irin wannan lasisi. Aikin babban ejan shi ne ya ɗebo ejan-ejan, ya tantance su, ya horar da su, ya sa musu ido, a madadin banki ko kamfanin kuɗin waya da ya ba shi kwangila. Lasisinsa bai ba shi damar riƙe ajiyar jama'a ba. Kuɗin mutane suna wurin mai babban lasisi, kuma shi hukuma ke kamawa idan abu ya lalace. Kamfanonin da ke da lasisin banki ko na kuɗin waya suna iya tafiyar da ejan ɗinsu kai tsaye, sai wani sashe na ofishinsu ya riƙe wannan matsayi na sama a manhaja. A Nijar da sauran ƙasashen sefa na Yammacin Afirka ma haka aka tsara: akwai manyan masu rabawa, a ƙarƙashinsu ƙanana, alhakin ƙarshe kuma yana kan kamfanin da ya fitar da kuɗin.

Wanda ya san fatoma a kasuwannin dabbobi zai gane matsayin nan da sauri. Baƙo ba ya sanin dillali, amma ya san mai masaukin da ya tsaya masa. Ikon babban ejan a manhaja daga wannan lamuni ya samo asali. Shi ke tsara rukunin ejan da iyakar kowane rukuni, shi ke naɗa sufabaiza ya yanka masa hurumi, shi ke amincewa da abin da ya fi ƙarfin sufabaiza, shi ke korar ejan gaba ɗaya. Ko a cikin ofishinsa, bai kamata mutum ɗaya ya iya ƙirƙirar sabon sufabaiza ko sauya asusun da ake biyan lada a ciki ba tare da na biyu ya duba ba.

Hukuma ta ƙara ɗaure wannan igiya a 2025. A watan Agusta ta umarci a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista, a Oktoba kuma ta fitar da sababbin ƙa'idoji da suka ce daga 1 ga Afrilu 2026 ejan zai yi aiki ne da uban gida ɗaya. Masu tebur da na'ura huɗu na kamfanoni huɗu sun ji wannan a jikinsu, kuma kukansu yana da tushe, domin idan hanyar kamfani ɗaya ta tsaya, ta biyun ce ke ceton yini. Amma ta fuskar iyaka, dalilin a fili yake. Iyakar yini ba ta da ma'ana idan mutum zai cika ta a wannan na'ura ya jawo waccan, ba tare da wani sufabaiza ɗaya ya ga jimillar ba.

Inda tsanin ke karyewa

Na fi jin tsoron raunin da ke tsakiyar tsanin fiye da na ƙasa. A kamfanoni da yawa ladan sufabaiza yana fitowa ne daga yawan cinikin ejan ɗin da ke ƙarƙashinsa. Ma'ana, wanda aka ɗora wa cewa a'a shi ne ke ƙaruwa duk lokacin da ya ce i. Ba sai mutum ya zama ɓarawo ba kafin wannan ya karkatar da shi. Kamfanin da ya damu da amanar jama'a ya kamata ya haɗa ladan sufabaiza da ƙarancin ƙorafi da zamba a yankinsa, ya kuma riƙa bin sawun amincewar da yake bayarwa.

Bin sawun ba shi da wuya, domin manhaja tana rubuta wanda ya nema, da wanda ya amince, da lokaci, da wayar da aka yi amfani da ita. Idan buƙata da amincewa suna fitowa daga waya ɗaya, to mutum ɗaya ne ke riƙe da makullai biyu. Wannan yana faruwa sosai inda mai jari ya yi rajista a matsayin sufabaiza, ya buɗe asusun ejan da sunan ƙannensa, alhali duk shi ke dannawa. Idan amincewa tana zuwa cikin daƙiƙa biyu ko uku kullum, babu wanda ke dubawa. Idan ƙarin iyaka na yini ɗaya ya yi wata uku bai sauka ba, an manta da ƙofa a buɗe. Idan kati ɗaya yana cire naira 9,500 sau goma a jere, ko dai ana yanka ciniki ne don a tara lada, ko ana wanke kuɗin da ba a so a gani. Haka kuma ma'aikacin da ya bar aiki amma ba a rufe shigarsa ba, wannan sakaci ne na babban ejan, ba na kowa ba.

Su ma ejan suna rusa wa kansu kariya. Da yawa sun bai wa yaron rumfa lambar sirrinsu, saboda sallah ko cefane. A wurin manhaja duk abin da aka yi da wannan lamba mai asusu ne ya yi, kuma babu sufabaizan da zai iya wanke shi. Inda kamfani ya tanadi shiga ta daban ga yaron shago, mai ƙaramar iyaka kuma ba ta iya kwashe fulot, a yi amfani da ita.

Sannan ga 'yan damfara da suka fahimci tsanin nan fiye da wasu masu hawansa. Sai su kira ejan ranar kasuwa, lokacin da suka san iyakarsa ta kusa cika, su ce daga ofis suke, za a ɗaga masa iyaka, ya karanto lambar da ta shigo wayarsa. Wannan lamba ita ce ta mayar da asusunsa kan wayarsu. Ɗan'uwa mai POS, sufabaizanka na gaske ba ya buƙatar wata lamba daga bakinka kafin ya amince da buƙatarka, domin maɓallin yana wayarsa. Duk wanda ya nemi lambar sirrinka ko lambar da aka turo maka, ka kashe wayar, ka kira sufabaizan a lambar da ka sani.

Kai kuma mai zuwa cire kuɗi ko turawa, ka karanta suna da adadi a kan allo kafin a danna, ka karɓi rasit ko da ciniki bai yiwu ba, kuma ka tambayi mai POS ɗin da kake hulɗa da shi sunan kamfanin da yake wa aiki. Idan ka kai ƙorafi banki ko kamfani aka yi mako biyu ba a warware ba, kana da damar ɗaukaka shi zuwa sashen kare haƙƙin abokan ciniki na Babban Bankin Nijeriya, kuma lambar cinikin da ke kan wannan ɗan rasit ɗin ita za a fara tambayarka.